Tambayoyi da Amsoshi Kan Mayar da Dogon Kwatance Zuwa Matakai Masu Lamba a Birnin Yamai

Me ya sa kwatancen da aka rubuta a dunƙule yake ɓatar da baƙo, alhali duk abin da ke cikinsa gaskiya ne?

Dalili shi ne mai gida yakan rubuta kwatance yadda abubuwa suke faɗo masa a rai, shi kuwa baƙo yana haɗuwa da su ne yadda suke jere a kan hanya, kuma waɗannan jeri biyu ba kasafai suke dacewa ba. Wanda ya shekara goma a unguwa yana ganin gidansa daga ciki, saboda haka abin da yake fara ambata shi ne maƙwabtansa na kusa, kamar makaranta ko masallaci, sai daga baya ya tuna cewa bai faɗi ta wace gada za a ƙetaro ba. Baƙon da ke kan babur ko cikin taksi ba shi da sararin karanta saƙo tun daga farko har ƙarshe a kowace mararraba. Yana buƙatar ya ɗaga kai ya ga alama, ya sunkuya ya ga abin da zai yi a wurinta, sa'an nan ya riƙe lamba ɗaya a ransa domin ya san inda ya tsaya. Lambar tana da wani amfani kuma idan an kira waya, domin baƙo zai iya cewa ya kammala mataki na huɗu amma bai ga alamar na biyar ba, nan take mai gida ya gane inda yake tsaye.

Daga ina ya kamata mataki na farko ya tashi?

Ya tashi daga wurin da kowane baƙo zai iya kai kansa ba tare da taimakon kowa ba, wanda kuma kowane direban taksi ya sani da jin sunansa. A Yamai irin waɗannan wurare sun haɗa da Babbar Kasuwa, kasuwar Katako, kasuwar Wadata, Babban Masallaci, filin wasa na Janar Seyni Kountché, gidan tarihi na Boubou Hama da kuma gadojin da ke kan kogin Kwara. Duk abin da ke gabanin wannan wuri ba ya cikin aikin mai kwatance.

Sai dai ambaton wurin kaɗai bai wadatar ba, domin dama da hagu ba su da ma'ana sai an san inda mutum ya fuskanta. Babbar Kasuwa tana da ƙofofi ta ɓangarori daban-daban, kuma wanda aka ce masa ya tashi daga can ya yi dama zai iya nufar kowace kusurwa ta gari. Saboda haka mafari yana da sassa biyu, wato wurin tsayuwa da alƙiblar tafiya, kamar a ce: "Ku tsaya a bakin ƙofar filin wasa, filin yana bayanku." A ganina gada ta fi kowane mafari kyau ga wanda taronsa ke ƙetaren kogi, domin ƙetare ta kaɗai ya riga ya daidaita fuskar kowa. Abin lura shi ne gadojin Yamai uku ne: Gadar Kennedy ta 1970, gadar abota ta Sin da Nijar ta 2011, da gadar Janar Seyni Kountché ta 2021. Kowace tana sauke mutum a wani yanki dabam na Harobanda, don haka kalmar "gada" ba tare da suna ba kuskure ce tun daga layin farko.

Yaya ake warware sakin layin kansa? Ko za a iya nuna misali?

Ga irin saƙon da akan tura wa dangi ta WhatsApp gabanin ɗaurin aure. Gadar da unguwar na gaskiya ne, sauran alamomin kuwa an tsara su ne domin misali:

"Gidan yana Harobanda ne, kusa da makarantar nan mai shuɗin bango, ba nisa da masallacin Juma'a. Idan kun zo wajen farmasi sai ku shiga dama, amma kafin nan za ku wuce gidan mai, wato bayan shataletale ke nan, kada ku bi ta hagu don can hanyar ta lalace. Gida ne mai koren ƙyaure, akwai dogon yaro a ƙofa, inda mai shayi yake zama. Af, ta Gadar Kennedy za ku ƙetaro. Layi na uku ne, ko da yake na farkon ɗan lungu ne. In kun ga injin niƙa kun wuce. Ku zo da wuri don ana cunkoso a gada."

Aikin farko shi ne a tsamo duk wani abu da ido zai iya gani, a rubuta shi a gefe ba tare da damuwa da tsari ba. A wannan saƙo akwai makaranta, masallaci, farmasi, gidan mai, shataletale, koren ƙyaure, dogon yaro, mai shayi, gada, layi na uku, lungu da injin niƙa. Aiki na biyu shi ne a bi ƙananan kalmomin da suke nuna gaba da baya, irin su "kafin nan", "bayan" da "kun wuce", domin su ne suke ɗauke da ainihin jerin. "Kafin nan" ta nuna cewa gidan mai yana gabanin farmasi, "bayan shataletale" ta nuna cewa shataletale yana gabanin gidan mai, gadar kuwa ko da an ambace ta kusa da ƙarshe, dole ita ce ta farko. Daga nan jeri ya fito: gada, shataletale, gidan mai, farmasi, layi na uku, ƙyaure, sai injin niƙa a can gaba da gidan.

Aiki na uku shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci: a duba abin da ya ƙi shiga jerin, da abin da saƙon bai faɗa ba sam. Makaranta da masallaci ba su sami gurbi ba, domin "kusa da" da "ba nisa da" ba su nuna ko baƙo zai wuce su ba, ko kuwa suna bayan gidan ne inda ba zai taɓa ganinsu ba. Saƙon ya hana bin hagu a shataletale amma bai ce a miƙe ko a yi dama ba. Bai faɗi ko layi na uku yana hannun dama ko hagu ba, kuma bai bayyana ko lungun yana cikin ƙirge ba. Waɗannan giɓi ba a cike su da hasashe, komai kusancin hasashen da hankali. Sai a koma wurin mai gidan a tambaye shi ɗaya bayan ɗaya, ko kuma a bi hanyar da ƙafa a gani.

Bayan an sami amsoshin, yaya kwatancen zai kasance?

A ɗauka mai gidan ya ce a shataletale miƙewa ake yi, makarantar tana kan kwanar layin da ake nema, lungun ba ya cikin ƙirgensa, masallacin kuma yana bayan gidan ta wani layi dabam. Kwatancen zai zama kamar haka:

Wuri: Harobanda. Lokaci: ƙarfe 8 na safe. A taso da wuri saboda cunkoson gada.

1. Ku ƙetare Gadar Kennedy daga cikin gari zuwa Harobanda.
2. A shataletale na farko bayan gada, ku miƙe, wato ku fita ta hanya ta biyu.
3. Za ku wuce gidan mai a hannun hagunku, ku ci gaba da tafiya.
4. A farmasin da ke hannun dama, kamar mita 300 bayan gidan mai, ku juya dama. Kwalta ta ƙare a nan, za ku hau hanyar ƙasa.
5. Ku wuce ɗan lungu ɗaya da manyan layuka biyu a hannun hagu.
6. A makaranta mai shuɗin bango, ku juya hagu.
7. Gida na huɗu a hannun dama, mai koren ƙyaure da dogon yaro a ƙofa, shi ne gidan bikin.

Idan kun ga injin niƙa, kun wuce gidan da ƙofa biyu, sai ku dawo baya.

Masallacin ya fita daga jerin domin baƙo ba zai gan shi a kan hanyarsa ba, kuma ambatonsa zai sa ya yi ta waige-waige yana neman abin da ba ya gabansa. Gargaɗin lalatacciyar hanyar hagu ma ya fita, tun da wanda aka gaya masa ya miƙe ba shi da dalilin sanin halin hanyar da ba zai bi ba. Shawarar zuwa da wuri ta koma sama, domin abu ne da ake buƙatar sani kafin a bar gida.

Wane tsari ya kamata kowane mataki ya bi?

A fara da alama, a biyo da aiki, kuma kada juyawa biyu su haɗu a mataki ɗaya. "A farmasi, ku juya dama" ya fi "ku juya dama idan kun zo farmasi", domin ido yana fara neman abin da kunne ya fara ji, kuma wanda ake karanta wa saƙo yana tuƙi zai iya juyawa tun bai ji ƙarshen jimlar ba. Haka kuma a faɗi hannun da alamar take, saboda mai tafiya ba zai iya sa ido a ɓangarori biyu na titi a lokaci guda ba.

Mataki na uku a misalin da ya gabata ba ya ɗauke da juyawa ko ɗaya, amma yana da aikinsa. Idan tafiya ta yi tsawo ba tare da wata alama ba, shakka takan kama baƙo, ya fara tunanin ko ya wuce, wani lokaci har ya juya alhali yana kan daidai. Alamar tabbatarwa guda ɗaya a tsakiyar doguwar hanya tana kwantar masa da hankali. Guda ɗaya ta isa, domin idan aka jera kowane shago da ke bakin titi, alamomin juyawa za su nutse a cikinsu.

Wace irin alama ce abin dogaro, wace ce kuma ba a so?

Alama mai kyau tana cika sharuɗɗa uku: ba ta motsawa, ana ganinta daga inda baƙo yake tahowa, kuma babu irinta a kusa da za a rikita su. Mai shayi ya faɗi a sharaɗi na farko, domin yana iya tashi da rana ko ya ƙi fitowa ranar Juma'a, kuma haka abin yake ga mai tsire, mai sayar da kankana da motar da aka saba ajiyewa a ƙofar wani gida. Allon shagon da ke fuskantar gabas ya faɗi a sharaɗi na biyu ga wanda yake tahowa daga yamma, tun da ba zai gan shi ba sai ya wuce ya waiwayo. Dogon yaro kuwa yakan faɗi a sharaɗi na uku, saboda da wuya a sami layi a Yamai da babu shi, shi ya sa a misalin aka haɗa shi da launin ƙyaure da kuma ƙirgen gidaje maimakon a bar shi shi kaɗai. Ƙananan masallatai ma haka suke, sai an ƙara musu siffa, kamar launin hasumiya ko kasancewarsu a kan kwana.

Akwai wata irin alama da ta fi waɗannan haɗari, wato wadda ta rage a bakin mutane bayan ta ɓace daga ƙasa. Ƴan unguwa sukan ci gaba da kiran wuri da sunan tsohon silima, ko tsohon famfo, ko shagon da aka rufe shekaru da suka wuce. Irin wannan suna yana da amfani wajen yi wa direban taksi magana, amma baƙon da ke neman abin da idonsa ba zai same shi ba. Idan dole ne a ambace shi, sai a faɗi abin da ke tsaye a wurin a yau.

Lokacin taron ma yana canza darajar alama. Shuɗin bango da koren ƙyaure suna aiki da safe, amma bayan magariba launi ya ɓace, musamman a layin da babu fitilun titi ko idan an ɗauke wuta. Kwatancen walimar dare yana buƙatar abin da ke da haske ko girma, kamar gidan mai, gidan bene ko tankin ruwa mai tsawo.

A yi amfani da dama da hagu ne, ko da gabas da yamma?

A cikin matakai, dama da hagu na mai tafiya su ne suka fi aminci, da sharaɗin an daidaita fuskarsa tun daga mafari. Mutanenmu sun saba da cewa "ka yi gabas" ko "ka yi kudu", kuma wanda ya zauna a wuri ya san alƙiblarsa ba ya kuskure a kan haka. Baƙon da ya sauka daga Tawa ko Maraɗi da tsakar rana, ko cikin ƙurar hunturu, ba lalle ne ya san inda gabas take ba, balle ma titunan Yamai da yawa sun bi kwanciyar kogi ne, wanda ke gangarowa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, don haka ba su miƙe sak da kusurwoyin duniya ba. Kuskuren da mai gida ya fi yi shi ne ya rubuta dama da hagu kamar yadda yake ganinsu idan zai fita daga gida, alhali baƙo shigowa yake yi, komai ya juye masa.

A shataletale kuwa dama da hagu kansu sukan gaza, musamman inda hanyoyi suka wuce huɗu. A Nijar ana tuƙi a hannun dama, saboda haka hanyar da mutum zai fara tararwa bayan ya shiga shataletale ita ce ta damansa, kuma a mai hanyoyi huɗu miƙewa tana nufin fita ta biyu. Ya fi kyau a faɗi lambar mafitar tare da abin da ke bakinta. A wuraren da aka gina gadar sama, kamar ta Mali Bero ko ta Diori Hamani, wajibi ne a faɗa tun kafin a iso ko za a hau sama ko a bi ta ƙasa, domin wanda ya hau bisa kuskure ba shi da wurin juyawa sai ya sauka can gaba.

Ƙirgen layuka ya isa ya zama mataki?

Bai isa shi kaɗai ba, domin mutum biyu ba sa ƙirga layi iri ɗaya. Wani zai sa lungu cikin lissafi, wani ya tsallake shi, wani kuma ya haɗa layukan dama da na hagu. Idan za a yi ƙirge, a faɗi inda ya fara, da hannun da ake ƙirgawa, da abin da ke kan kwanar da ake nema, kamar yadda matakai na biyar da na shida suka yi. Ƙirgen da ya wuce huɗu ko biyar yana da wuyar riƙewa a kan babur, gara a nemi wata alama a tsakiya a sake farawa daga gare ta.

Me ya sa ba za a rubuta sunan titi da lambar gida kawai ba?

Ana iya ƙara su a ƙarshen kwatance, domin ba sa cutarwa. Titunan tsofaffin unguwannin Yamai suna da lambobi masu haruffan unguwa a gaba, amma mutane ƙalilan ne suke amfani da su a magana, kuma sababbin unguwannin bakin gari da yawa ba su da alluna. Manyan tituna ma sunayensu sukan canza: a watan Oktoba na 2024 an mayar da titin Charles de Gaulle zuwa titin Djibo Bakary, aka kuma sauya sunan dandalin Francophonie zuwa dandalin AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel. A irin wannan hali sunan da ke kan allo, da wanda ke kan taswirar waya, da wanda direba ya sani suna iya zama daban-daban, don haka idan aka ambaci irin wannan wuri, a rubuta sabon suna da tsohon tare.

Idan baƙi za su zo daga ɓangarori daban-daban, jeri ɗaya zai wadatar?

Kada a cusa "idan kuma kun fito ta can" a tsakiyar matakai, domin hakan yana dawo da ruɗanin da ake gudu. A nemi wurin da hanyoyin suka haɗu, a misalinmu farmasi, a rubuta gajeren jeri ga kowane ɓangare har zuwa wurin, sa'an nan a rubuta jeri ɗaya na bai-ɗaya daga can zuwa ƙofar gida. A lura cewa wanda ya taho ta gadar Sin da Nijar zai iya isowa farmasin daga ɗaya gefen, ta yadda juyawar da take dama ga wasu za ta zama hagu a gare shi, kuma dole jerinsa ya faɗi haka. Ga masu shiga taksi kuma, a ƙara layi ɗaya da ke nuna abin da za su gaya wa direba da inda za su sauka, tun da taksin haɗaka ba kasafai yake barin kwalta ya shiga layi ba sai an ƙara kuɗi. Daga wurin sauka sai a faɗi tsawon tafiyar ƙafa, kuma mita 500 takan ɗauki minti shida zuwa bakwai ga mai tafiya a natse.

Ta yaya za a san kwatancen ya yi kafin a tura shi?

A ba wanda bai san gidan ba ya bi shi, mai gida yana biye da shi ba tare da ya ce uffan ba. Duk inda mai gwajin ya tsaya, ko ya rage tafiya yana dube-dube, ko ya yi tambaya, a nan akwai matakin da ke buƙatar gyara. Idan hakan bai samu ba, a karanta masa matakan a waya, a nemi ya maimaita su da bakinsa ko ya zana hanyar a takarda, domin inda zanensa ya saɓa da gaskiya nan ne rubutun ya gaza. Gwajin ya fi inganci idan an yi shi a irin lokacin da taron zai kasance.

Tura alamar wuri ta taswirar waya yana taimakawa, kuma yana da kyau a haɗa ta da matakan, sai dai ba kowane dattijo ne yake da wayar da ke buɗe ta ba, kuma taswira ba ta san layin da ruwa ya cinye ba. Daga Yuni zuwa Satumba layukan ƙasa a unguwannin da ke kusa da kogi sukan cika da ruwa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020, saboda haka kwatancen da aka rubuta da rani yana buƙatar a sake bin sa da damina. A ranar taron kuma a tuna cewa rumfa da kujeru sukan toshe layin gidan gaba ɗaya, don haka mataki na ƙarshe ya faɗi inda za a ajiye mota, a kuma sa lambar wayar wani da ba zai shagala da hidimar baƙi ba, wanda yake riƙe da jerin matakan a hannunsa.